Yadda za ku haɗa teburin abincin sati na gida da zai fitar da kalori, kuɗin kowane girki da jerin cefane da kansa

Na daɗe ina yin teburin nan da biro a takarda, kuma duk sati matsala ɗaya ce, in na canza abincin ranar Laraba sai na manta ban gyara jerin cefane ba, a je kasuwa a dawo da kayan abincin da ba za a dafa ba. Daga baya na gane ashe kalori da kuɗi da cefane duk daga wuri ɗaya suke fitowa, wato nauyin ɗanyen kayan da ya shiga tukunya. In kun san giram nawa na shinkafa kuka zuba, to kun san kalorinta, kun san kuɗinta, kun kuma san nawa za ku saya. Saboda haka giram ɗin nan kaɗai za ku rubuta da hannu, sauran kuwa Excel ko Google Sheets ne zai lissafa, a waya ma yana yi, sai dai zaman farko ya fi daɗi a kwamfuta.

Abin da za ku nema kafin ku fara shi ne ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, sai rasit ko dai abin da kuka tuna na cefanen da ya wuce. Ku buɗe fayil ɗaya mai shafi uku, ku sa musu suna `Kaya`, `Girki` da `Sati`, daidai yadda na rubuta, don fomulolin da sunan suke aiki. A kowane shafi layin farko na kanun magana ne, aiki yana farawa daga layi na 2.

Shafin Kaya

Nan kowane kayan abinci layi ɗaya yake da shi, sau ɗaya tak. A ƙarƙashin A sunansa, B kalorin da ke cikin giram 100, C kuɗin da kuka saye shi, D giram nawa ne abin da kuka saya ɗin, E kason da ake ci a ciki, F kuma giram nawa ya rage a gida yanzu.

Lambar B a jikin leda ko kwali kuke samunta, inda aka rubuta kcal a giram 100. Ku kula, wasu kwalayen suna sa kJ a gefe, ba shi ba ne, in shi kaɗai kuka gani ku raba da 4.2 ya ba ku kalori. Kayan da ba su da kwali irin tumatir da albasa, akwai FoodData Central na ma'aikatar noman Amurka, kyauta ne, ku nemi wanda aka rubuta raw, wato ɗanye. Ga waɗanda nake amfani da su, duk a giram 100 ɗanye: farar shinkafa wajen 360, busasshen wake wajen 340, taliya busasshiya wajen 370, man girki 884, sukari kusan 390, ƙwai 143, kaza da fatarta wajen 215, dankalin turawa 77, albasa 40, tumatir 18, burodi wajen 265.

To a nan ne kusan kowa ke faɗawa rami, ni ma na faɗa. Shinkafa ɗanya 360 ce, dafaffiya kuwa wajen 130, don ta sha ruwa ta yi nauyi kusan ninki uku kuma ruwa ba shi da kalori ko ɗaya. In kun auna ta ɗanya kuka ɗauko lambar dafaffiya, teburin zai nuna muku kamar gidanku yunwa ake kwana da ita alhali kowa na tashi da ƙoshi. Dokar ɗaya ce, ɗanye kuka auna, lambar ɗanye za ku sa, kuma ɗanyen ne ya fi mana amfani tunda shi ake saya a kasuwa.

Mai kuma da lita ake sayar da shi amma mu da giram muke aiki, kuma lita ɗaya ta mai ba ta kai kilo ba, wajen giram 920 ce. Shi za ku rubuta a D. Ƙwai babba da ɓawonsa wajen giram 57 ne, dozin ɗaya kenan ya kama kusan 680.

Shi kuma E ga amfaninsa. Kun sayi kaza mai kilo ɗaya da rabi, kuɗin duka kuka biya har da ƙashin, amma ƙashi ba ya shiga ciki. Abin da ake ci wajen kashi 70 cikin ɗari ne, sai ku rubuta 0.7. Giram 1,500 ya koma 1,050, kalorinsa wajen 2,260, in ba ku cire ƙashin ba kuwa tebur zai ce 3,225, kusan dubu guda na ƙarya kenan a tukunya ɗaya. Albasa 0.9, ƙwai 0.88, ayaba wajen 0.65 saboda ɓawo, shinkafa da wake da mai da sukari kuwa 1 ne tunda ba a yar da komai.

Shafin Girki, inda aikin yake

Wannan shi ne mai cin lokaci, sati guda ko biyu za ku yi kuna cika shi a hankali. Duk ranar da za ku dafa wani abu, kafin ku zuba komai a tukunya ku ɗora shi a sikeli ku rubuta. Kada ku canza yadda kuka saba dafawa don kun ga sikeli, in kofi biyu kuka saba zubawa ku ɗebo kofi biyun ku auna. Mai ne mai wuyar kamawa tunda tsiyayawa ake yi da ido, dabarar ita ce ku auna kwalbar kafin girki ku sake aunawa bayan kun gama, abin da ya ragu shi ya shiga tukunya. Kaza da albasa ku auna su yadda aka sayo, da ƙashi da ɓawo, E ne zai cire.

A ƙarƙashin A sunan girkin, B sunan kayan, C giram. Girki mai kaya biyar layi biyar zai ci, kuma a kowane layi sai an maimaita sunan girkin a A. Sai ku sa waɗannan a D2, E2, F2 da G2 bi da bi, ku ja su ƙasa:

```
=C2*VLOOKUP(B2,Kaya!A:E,5,FALSE)*VLOOKUP(B2,Kaya!A:E,2,FALSE)/100
=C2*VLOOKUP(B2,Kaya!A:E,3,FALSE)/VLOOKUP(B2,Kaya!A:E,4,FALSE)
=COUNTIF(Sati!C:C,A2)
=C2*F2
```

Na farko kalori ne bayan an cire abin da ba a ci, na biyu kuɗi ne a kan duk abin da aka saya, na uku yana ƙirga sau nawa girkin ya fito a satin, na huɗu kuma giram ɗin da sati zai ci. In an ƙi karɓar fomular, wataƙila saitin na'urarku yana son `;` ne a maimakon `,` sai ku musanya.

Bari mu dafa tukunya ɗaya mu gani, shinkafa da wake da 'yar miyar tumatir na mutum biyar. Kuɗin da zan sa ba na wata kasuwa ba ne, lambobi ne kawai masu sauƙin rabawa, ku ku sa naku. Mu ce buhun shinkafa mai kilo 5 an saye shi 100, wake kilo ɗaya 30, mai lita ɗaya 46, tumatir kilo ɗaya 15, albasa kilo ɗaya 10.

| Kaya | Giram | Kalori | Kuɗi |
|---|---|---|---|
| Shinkafa | 400 | 1,440 | 8 |
| Wake | 200 | 680 | 6 |
| Mai | 60 | 530 | 3 |
| Tumatir | 400 | 72 | 6 |
| Albasa | 150 | 54 | 1.5 |
| Jimla | | 2,776 | 24.5 |

Ku tsaya ku kalli layin mai da na tumatir, ni dai ranar da na fara ganin wannan sai da na yi shiru. Man nan cokali huɗu ne da ɗan kai (babban cokali wajen giram 14 ne, kalori 120), kuɗinsa 3 kacal amma ya kawo 530, tumatir ya ci ninkin kuɗinsa biyu ya kawo 72. Ranar da hannu ya yi nauyi aka zuba giram 120 na mai, kuɗin tukunya 3 kaɗai ya ƙaru da shi, ba wanda zai ji a aljihu, amma kalori ya tashi daga 2,776 zuwa wajen 3,300. Wannan ba yana nufin a kori tumatir don tsada ba fa, tebur ɗin kalori kawai yake ƙirgawa, bai san bitamin ba, bai san abin da ke gina jiki ba, in kuka bi shi ido rufe zai kai ku ga sukari da mai ne don su suka fi arha.

Da a ce lambar dafaffiyar shinkafa aka sa, 1,440 zai koma 520, tukunyar gaba ɗaya 1,856. Gishiri da kayan ƙamshi ba na ɓata lokacin auna su, layi ɗaya nake ba su a Kaya da kalori 0, in ƙiyasta kuɗinsu na sati.

Raba tukunya

Kar ku raba da yawan kawuna. Ɗan shekara 4 ba ya cin abin da babansa ke ci, in kun raba 2,776 gida biyar za ku sami 555, lambar da ba ta kowa ba ce a gidan. Abin da ya fi shi ne kaso: babba kaso 1, yara kuma gwargwadon yadda kuke zuba musu. A misalinmu manya biyu 1 da 1, ɗan shekara 12 ya ɗauki 0.8, mai 7 ta ɗauki 0.7, autan 0.5, jimla 4 cif. Kaso ɗaya ya zama 694, na auta 347, kuɗin kaso ɗaya kuma 6 da ɗoriya. In kuna son ku tabbatar da kason, rana ɗaya ku auna farantin kowa bayan an zuba, ku raba nauyin na yara da na babba, shi kenan.

Lambar kalori 2,000 a rana ɗin nan da ake gani a jikin kwalaye ma'auni ne na gama-gari. Mata manya galibi suna tsakanin 1,600 da 2,400 a rana, maza tsakanin 2,000 da 3,000, ya danganta da shekaru da girman jiki da irin aikin da mutum ke yi. Ni da lambar nan ba na rage wa yaro abinci, ina duba ta ne in ga ko akwai ranar da ta faɗi ƙasa sosai. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga ko ƙoda kuwa lambarsu a wurin likita za a karɓo, tebur dai ya taimaka wajen bi.

Shafin Sati

Shi ne wanda za a manna a bangon kicin. Layi 21, kwana bakwai sau uku. A ƙarƙashin A rana, B lokaci, C sunan girki, D kalorin tukunya, E kalorin kaso ɗaya, F kuɗin girkin. A D2, E2 da F2 ku sa waɗannan, ku ja su ƙasa:

```
=SUMIF(Girki!A:A,C2,Girki!D:D)
=D2/4
=SUMIF(Girki!A:A,C2,Girki!E:E)
```

Wannan 4 ɗin jimlar kason gidanku ne, ku sa naku. Ranar Litinin alal misali za ta iya fitowa haka: da safe burodi da ƙwai da shayi, da rana shinkafa da wake 694 a kaso da kuɗi 24.5, da dare taliya da kaza. Ku tara E na layi ukun ku ga abin da babba ɗaya ya samu a ranar. In ya fito 900 ko 4,500, kafin ku tsorata ku koma Kaya, yawanci ko an sa lambar dafaffe, ko an sa kJ, ko kuma a C na Girki an rubuta kilo a inda ake son giram, wato 0.4 a maimakon 400.

Ba sai kun nemi girki 21 daban-daban ba, wallahi ba wanda zai jure. Na safe biyu ko uku, manyan girki shida zuwa takwas, a riƙa juya su. Masu kayan da ke saurin lalacewa irin ganye da ɗanyen kifi ku sa su a kwana biyun farko bayan cefane, na busassun kaya da ƙwai ku tura su ƙarshen sati.

Akwai wani tarko game da girkin da ake dafawa sau ɗaya a ci sau biyu. A shafin Girki ku rubuta adadin ci ɗaya kawai, sannan a Sati ku sa sunan girkin a wuri biyu, COUNTIF zai ƙirga biyu, cefane ya fito daidai, ranar girki sai ku ninka. In kuka rubuta adadin babbar tukunyar kuma kuka sa sunan sau biyu, za a sayo muku ninki biyu, kalorin ranar ma ya haura. Kuma kar ku nisanta ci biyun, dafaffen abinci a firij kwana uku zuwa huɗu ne iyaka, shinkafa ma gara a ci washegari, a kuma sa ta a firij da wuri kada ta daɗe a waje.

Layin cefane

A gefen dama na shafin Sati ɗin dai, ku tsallake G ku fara daga H. H sunan kaya, I giram ɗin da ake buƙata bayan an cire na gida, J leda ko kwalba ko buhu nawa za a saya, K kuɗin da za a fitar. A H2, I2, J2 da K2:

```
=Kaya!A2
=SUMIF(Girki!B:B,H2,Girki!G:G)-Kaya!F2
=ROUNDUP(MAX(0,I2)/Kaya!D2,0)
=J2*Kaya!C2
```

Ku ja su ƙasa har yawan layukan da ke Kaya. Mu bi shinkafa mu ga yadda take tafiya. Shinkafa da wake ta fito sau uku a satin, 400 sau 3 ya ba da 1,200. Akwai kuma shinkafa da kaza sau biyu, kowanne 500, ya ba da 1,000. Sati zai ci 2,200 kenan. Kun auna ragowar da ke gida kun sami 700, saura 1,500, kuma tunda buhu mai kilo 5 kuke saya ROUNDUP zai ce buhu ɗaya, kuɗi 100. MAX ɗin kuwa yana hana a fito muku da lamba ƙasa da sifili in abin da ke gida ya wuce buƙata, sai kawai ku ga 0, wato kar a saya.

Yanzu ga abin da ke rikita mutane har a yi ta musu a gida: jimlar F da jimlar K ba kasafai suke zama ɗaya ba, kuma ba kuskure ba ne. F yana faɗin kuɗin abin da aka ci, shinkafar satin nan 2,200 sau 0.02 wato 44. K yana faɗin abin da ya fita daga aljihu, wato 100. Sati mai zuwa za ku shiga da ragowar 3,500, K na shinkafa ya zama 0 amma F na nan wajen 44. Don haka in kuna son sanin wane girki ne ke cin kuɗi, F za ku duba, in kuma tambayar ita ce nawa zan riƙe in tafi kasuwa, K ne. Bayan wata guda ko biyu jimlolin suna matsowa kusa da juna, in kuwa K ya ci gaba da fin F nesa ba kusa ba, to akwai abin da ke zurarewa, ko kaya na ruɓewa ana zubarwa, ko ana dafa fiye da abin da aka rubuta, ko ana ciye-ciyen da bai shiga tebur ba. A wurina biskit ɗin yara ne da sukarin shayi, sai da na ba su layinsu na kansu a Girki da Sati kafin lissafi ya zauna.

Tumatir da albasa da ake iya sayen ko nawa, J ba shi da wani amfani a kansu, ku duba I kawai ku sayi abin da ya ce, ku ɗan ƙara kaɗan saboda wanda zai lalace. Ko kuma a Kaya ku rubuta D ɗinsu a giram 250 da kuɗin giram 250, sai lissafin K ya matso kusa da gaskiya.

In ya ƙi aiki

Kusan kullum rubutun suna ne. Kun rubuta ƙwai a Kaya kuka rubuta kwai a Girki, a wurin kwamfuta abu biyu ne daban, VLOOKUP zai watso muku `#N/A`. Wannan ma da sauƙi tunda yana ihu. Mai haɗarin shi ne SUMIF, shi in bai sami sunan ba ba ya cewa komai, 0 kawai zai rubuta, sai ku ga girkin dare ba kalori ba kuɗi, kayansa kuma ba su shiga cefane ba. Wani lokacin ma 'yar tazara ce da yatsa ya danna a ƙarshen suna, ido ba ya ganinta. Maganinsa ku daina rubuta suna da hannu, ku haska C na Sati ku shiga Data sannan Data validation, ku ce ya ɗauko sunaye daga A na Girki, haka ma B na Girki ya ɗauko daga A na Kaya, daga nan zaɓa kawai za ku riƙa yi. In kuka ga `#DIV/0!` kuwa, D ɗin wani kaya ne kuka bari ba komai.

Aikin kowane sati bayan an gama ginin bai wuce minti goma sha biyar ba. Daren da za a wayi gari a yi cefane ku zaɓi girki 21 ɗin a C, ku shiga kicin da sikeli ku gyara F na Kaya, shinkafa da wake da mai da taliya dai su ne masu muhimmanci, sai ku ɗauki hoton H zuwa K a waya. In an dawo daga kasuwa kuma duk abin da kuɗinsa ya canza ku gyara C tun rasit na hannu, in ledar ma ta canza girma, kamar taliyar da kuka saba saya mai giram 500 ta koma 400, ku gyara D ɗinta a lokacin.